Kwashe Inbois Zuwa Manhajar Akanta: Kuskuren da Ba Ya Ihu

A ce dila ne a Kasuwar Singa ta Kano, mai sayar da shinkafa da sabulu da sauran kayan masarufi a sari. Duk wanda ya ɗauki kaya bashi, akawun shago yakan rubuta masa inbois, wato takardar da ke nuna kayan da ya ɗauka da kuɗin da ake bin sa, sannan ya shigar da bayanin cikin Excel. Yanzu kasuwa ta buɗe, an ɗauki akanta, akanta kuma ya ce a koma manhajar lissafi irin su QuickBooks Online ko Xero ko Zoho Books. Inbois ɗin watan Afrilu kaɗai guda 60 ne, kayan da ke cikinsu sun cika layi 148. Mai shigar da su da hannu ɗaya bayan ɗaya zai wuni yana bugawa, kuma da wuya ya gama yatsansa bai zame ba. Shi ya sa manhajojin suka tanadi ƙofar da ake loda su gaba ɗaya daga fayil guda, wanda ake kira CSV.

Lodawar kanta ba ta wuce minti biyu. Aikin yana gabanta da bayanta, kuma abin da ya kamata mai yin sa ya riƙe shi ne cewa kurakuran iri biyu ne. Akwai wanda manhaja za ta ƙi karɓa, ta rubuta maka da jan rubutu cewa layi na kaza bai yi ba. Wannan mai sauƙi ne, gyarawa za ka yi ka sake. Akwai kuma wanda za ta karɓa salin alin, ta ce an gama lafiya, alhali ta ajiye kuɗin Afrilu a watan Disamba, ko ta raba bashin mutum ɗaya gida biyu. Irin wannan ba ya fitowa sai ranar da aka je karɓar bashi ko aka zauna lissafin haraji.

Mene ne a cikin fayil ɗin?

CSV rubutu ne tsagwaronsa. Ba launi, ba ƙa'idar lissafi, ba shafi na biyu. Kowane layi bayani ne guda, waƙafi kuma shi ke raba gurbi da gurbi. Tsarin ya daɗe ana amfani da shi kafin a rubuta masa ƙa'ida a 2005 cikin takardar da ake kira RFC 4180, shi ya sa har yau kowace manhaja da ɗan bambancin yadda take so a kawo mata shi. Idan aka buɗe fayil ɗin dilanmu da Notepad, ga yadda inbois guda yake (sunan kantin da farashin duk na misali ne):

```
Lamba,Kwastoma,Rana,RanarBiya,Kaya,Yawa,Farashi,Jimla,Haraji
00417,Kantin Ɗorayi,03/04/2025,03/05/2025,Sabulu,20,12500,250000,VAT7.5
00417,Kantin Ɗorayi,03/04/2025,03/05/2025,Shinkafa,10,60000,600000,NOVAT
```

Layin farko kanu ne, sunayen layukan tsaye da 'yan ofis ke kira kolom. Layuka biyun da ke ƙasa ba inbois biyu ba ne. Inbois ɗaya ne mai kaya iri biyu: katan 20 na sabulu a kan naira 12,500, da buhu 10 na shinkafa a kan naira 60,000. Nan ne sabon shiga ya fi yin tuntuɓe. A fayil ɗin inbois, kowane layi kaya ne guda, lambar inbois kuwa ita ce igiyar da ke ɗaure layukan wuri ɗaya. Manhaja na ganin 00417 sau biyu, sai ta haɗa su a takarda ɗaya. Akawu ya ga lambar ta maimaitu ya ɗauka kuskure ne ya mai da ta biyun 00418, to ya haifi inbois ɗin da babu shi, ya kuma ci karo da 00418 na gaskiya. Haka in ya bar gurbin lamba fayau a layi na biyu, yadda ake yi a takarda don kyan gani, manhajoji da yawa za su ƙi layin don ba su san na wane inbois ba ne. Abin da ya fi aminci shi ne a maimaita lamba da sunan kwastoma da rana a kowane layi, iri ɗaya sak, a kuma jera layukan inbois guda kusa da juna. Masu amfani da Sage 50, wadda tsofaffin akantoci ke kira Peachtree har yanzu, suna da ƙarin aiki: akwai gurbin `Number of Distributions` da sai an faɗa mata yawan layukan da kowane inbois ya ƙunsa.

Haɗa kowane kolom da gurbinsa

Manhajojin sun kasu biyu wajen karɓar fayil. Xero samfuri take bayarwa, ka sauke, ka zuba bayananka ƙarƙashin kanunta ba tare da ka taɓa su ba. Waɗanda ke da tauraro a gaba dole ne a cike su, irin su `*ContactName` da `*InvoiceNumber` da `*InvoiceDate` da `*DueDate` da `*Quantity` da `*UnitAmount` da `*AccountCode` da `*TaxType`. Kolom ɗin da ba ka buƙata, bar shi fayau, kada ka goge kansa. QuickBooks Online da Zoho Books kuwa suna karɓar fayil ɗinka da kanunsa, sannan su buɗe maka shafi: gefe ɗaya gurabensu, ɗaya gefen ka zaɓi kolom ɗinka da ya dace da kowanne.

A wannan shafin manhaja takan yi hasashe. Ta ga kai mai kama da sunan gurbinta, sai ta haɗa da kanta. A ganina dilan da ya rubuta kanunsa da Hausa ya fi samun sa'a, domin manhajar ba za ta gane `Yawa` ko `Farashi` ba, dole mutum ya zauna ya haɗa su da idonsa. Wanda kanunsa suke Turanci shi ne zai ga an cike masa komai, ya danna gaba bai duba ba. Ita kuwa manhaja kamar ɗan dako take: inda ka nuna masa nan zai sauke buhu, ba ruwansa da ko shagon na mai kayan ne.

Lamba da suna da rana ba su cika rikitarwa ba. Rikicin yana wajen kuɗi, domin a takardar dila akan sami kolom uku da duk kuɗi ne: farashin ɗaya, jimlar layi, wani lokaci har da jimlar inbois gaba ɗaya. Gurbin `*UnitAmount` na Xero farashin ɗaya yake nufi, manhajar ce za ta ninka shi da yawan kaya. Mutum ya zuba jimlar layi a nan, sai a ninka 250,000 sau 20, sabulun naira dubu ɗari biyu da hamsin ya zama na miliyan biyar, kuma ba jan rubutun da zai fito, tunda 250,000 lamba ce lafiyayyiya. A QuickBooks Online kuwa gurbin dole shi ne na jimlar layi, farashin ɗaya da yawan kaya suna biye da shi. Mutumin da ya saba da waccan ya koma wannan, abin da ya saba shi zai kā da shi. Jimlar inbois gaba ɗaya kuwa, in akwai ta a fayil, ba a haɗa ta da komai. Manhaja ce ke lissafa ta. Idan aka kai ta gurbin jimlar layi, inbois na 00417, wanda kuɗinsa har da haraji naira 868,750 ne, zai shiga sau biyu, sau ɗaya a kowane layi.

Sai haraji. Tun 1 ga Fabrairu 2020 harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne, kuma ba a ɗora shi a kan kayan abinci na yau da kullum irin su shinkafa da gero. Ke nan a inbois ɗinmu sabulu ne kaɗai ke ɗauke da shi: kashi 7.5 na 250,000 ya kama naira 18,750. Abu biyu ake kiyayewa. Na farko, sunan harajin da ke cikin fayil ya zama daidai da wanda aka riga aka ƙirƙira a manhaja, harafi da harafi. In a can `VAT 7.5%` aka rubuta, to `VAT7.5` baƙo ne. QuickBooks Online takan ba da damar haɗa sunayen a shafi na gaba, Xero kuwa sai an gyara a fayil. Na biyu, akwai tambayar da ake yi daf da lodawa, wadda mutane ke tsallakewa: farashin nan da haraji a cikinsa, ko za a ɗora masa? Dilanmu farashinsa ba haraji a ciki. Ya zaɓi cewa akwai, manhaja za ta raba 250,000 ɗin nan, ta ce kuɗin kaya 232,558.14 ne, haraji 17,441.86, sai inbois ya tsaya a 850,000. An yafe wa kwastoma naira 18,750 ba da niyya ba, a kowane layi mai haraji kuma haka za ta kasance.

Ɓarnar da Excel ke yi a ɓoye

Yawancin fayilolin da ke lalacewa lafiya lau suka fito daga inda aka samo su. Abin da ke faruwa shi ne wani ya danna fayil ɗin sau biyu don ya leƙa, Excel ya buɗe shi, ya danna ajiyewa kafin ya rufe. Excel ba leƙe kawai yake yi ba. Duk gurbin da ya gani sai ya yanke hukunci a kansa, wannan lamba ce, wannan rana ce, wannan rubutu ne, ya kuma sake masa siffa yadda ya ga dama.

Mafi muni ita ce rana, kuma ya kamata a tsaya a kanta sosai. Mu nan muna fara rubuta rana, sai wata, sai shekara, don haka 03/04/2025 na nufin 3 ga Afrilu. Amma kwamfutoci da yawa da ake saye a kasuwa, musamman na hannu da aka shigo da su, suna kan tsarin Amurka, inda wata ke gaba. Irin wannan kwamfuta za ta karanta ranar a matsayin 4 ga Maris. Dubi abin da zai sami inbois ɗin Afrilu. Na ranar 1 ya tafi Janairu, na ranar 2 Fabrairu, na ranar 3 Maris. Na ranar 4 ya tsira, tunda 04/04 ko ta ina ka juya shi ɗaya ne. Na ranar 5 ya tafi Mayu, haka har na ranar 12 da zai sauka a Disamba. Daga ranar 13 zuwa ƙarshen wata kuwa ba watan sha uku, sai Excel ya bar su a matsayin rubutu kawai.

Haka abin yake idan fayil ɗin lafiya yake amma aka zaɓi tsarin rana na kuskure a shafin lodawa. Manhaja za ta ƙi na ranar 13 zuwa sama, ta karɓi na 1 zuwa 12 a birkice. Akawu ya gyara waɗanda aka ƙi, ya sake lodawa, ya tashi yana murna. Saboda haka duk lokacin da ka ga an ƙi ranaku kuma dukkansu daga 13 ne zuwa sama, kada ka gyara su kaɗai; alama ce cewa waɗanda aka karɓa su ma sun juye. Illar ba ƙarama ba ce. Bayanin harajin VAT na kowane wata ana miƙa shi ne zuwa ranar 21 ga watan da ke biye, to cinikin da ya faɗa Janairu da Fabrairu da Maris ya shiga watannin da aka riga aka rufe, na Afrilu kuma ya fito da giɓi. Rahoton masu bashi ma zai nuna wani ya daɗe da wuce wa'adi alhali jiya ya ɗauki kaya.

A cikin Excel ana iya gane matsalar da ido. Ranar da Excel ya yarda rana ce takan jingina gefen dama na gurbi, wadda ya ɗauka rubutu ce ta jingina hagu. Kolom ɗin rana da ka ga rabinsa dama rabinsa hagu, ya riga ya ɓaci, kuma gyaransa da hannu wahala ce. Koma wa fayil na asali. Wani lokaci kuma za ka tarar da 45750 a gurbin rana. Ba aljanu ba ne, haka Excel ke ƙirga ranaku a cikinsa tun daga farkon 1900, kuma 45750 ita ce 3 ga Afrilu 2025; siffar gurbin ce ta koma ta lamba. Idan ranakun na gaskiya ne, wannan ƙa'idar za ta mai da su rubutun da ba ya juyawa wajen ajiyewa:

```
=TEXT(C2,"dd/mm/yyyy")
```

Bayan rana sai sifili. Excel na ganin 00417, sai ya mai da shi 417. Manhaja za ta karɓa, amma daga baya in an zo haɗa biyan kuɗi da inbois, lambar da ke hannun kwastoma da ta cikin littafi sun saɓa. Lambar waya mai farawa da sifili da lambar asusun banki mai alƙaluma goma su ma haka suke rasa sifilinsu. Lambar da ta kai alƙaluma 12 kuwa, kamar lambar wayar da aka fara da 234, Excel yakan nuna ta a dunƙule irin `2.34803E+12`, kuma abin da ya nuna shi yake rubutawa a CSV. Da zarar an ajiye, sauran alƙaluman sun tafi ke nan.

Wannan ɗabi'ar ta rubuta abin da ido ke gani tana shafar kuɗi ma. Gurbin da aka ƙawata da alamar naira da waƙafin dubbai haka zai sauka cikin fayil, wasu manhajojin su ce ba lamba ba ce. Gurbin da aka ɓoye masa kwabbai don kyan gani kuwa kwabban sun salwanta. A kolom ɗin kuɗi alƙaluma kaɗai ake so, da ɗigo in akwai kwabo.

Maganin duk wannan guda ne: kada a buɗe CSV da danna sau biyu. Leƙe kawai kake so, yi da Notepad. Gyara za ka yi, buɗe Excel fayau, ka bi ta `Data`, sai `From Text/CSV`, a akwatin `Data Type Detection` ka zaɓi `Do not detect data types`. Komai zai shigo a matsayin rubutu, yadda yake a fayil.

Ƙ da ɗ da ɓ, da sunan da ya rabu biyu

Akwai matsalar da ta fi shafar mu masu rubuta sunaye da Hausa. Wajen ajiye fayil, Excel na da zaɓi biyu masu kama da juna: `CSV (Comma delimited)` da `CSV UTF-8 (Comma delimited)`. Na farkon tsohon tsari ne da bai san haruffa masu lanƙwasa ba, bai ma san alamar naira ba. Duk inda ya ci karo da ƙ ko ɗ ko ɓ, alamar tambaya yake sakawa, sai Kantin Ɗorayi ya koma `Kantin ?orayi`. Na biyun, wanda ke cikin Excel na 2016 zuwa sama, shi ke kiyaye su. Idan manhaja ta tambayi tsarin haruffa wajen lodawa, kamar yadda Zoho Books ke yi, `UTF-8` za a zaɓa.

Abin da ya sa wannan ya wuce batun kyan rubutu shi ne manhaja da suna take gane kwastoma. Xero, in ta ga sunan da ba ta da shi, sabon kwastoma take buɗewa ba tare da ta tambaye ka ba. QuickBooks Online na da akwatin da in ka danna za ta yi hakan. To a shagon da akawu ɗaya ke rubuta Ɗorayi, ɗayan na rubuta Dorayi don wayarsa ba ta da harafin, na uku kuma ya ƙara Alh. a gaba, mutum ɗaya ya zama uku a littafi. Ranar da ya aiko da kuɗi za a rubuta su a suna ɗaya, sauran biyun su ci gaba da nuna bashi. Shawarata ita ce a fara loda jerin kwastomomi da jerin kaya, a tsai da rubutu ɗaya ga kowane suna, sannan wajen loda inbois a bar akwatin ƙirƙirar sababbi ba a danna ba. Ta haka sunan da ya saɓa zai fito a matsayin kuskure, ka gan shi, maimakon ya shige ya yi gida.

Wani lokaci sunaye biyu iri ɗaya ne a ido amma manhaja ta ce daban suke. Galibi fili ne ya maƙale a ƙarshen ɗaya, musamman a sunan da aka kwafo daga saƙo ko shafin intanet. Wannan na share shi:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(B2,CHAR(160)," "))
```

Waƙafi ma yakan yi nasa aikin. Bayanin kaya irin "Sabulu, babban katan" yana da waƙafi a cikinsa, dole a kewaye shi da alamar zance, in ba haka ba manhaja ta ɗauka gurbi biyu ne, duk abin da ke bayansa ya gusa da mataki ɗaya. Excel na saka alamar da kansa. Fayil ɗin da aka gyara da hannu ko wanda wata 'yar manhajar shago ta fitar shi ne abin tuhuma. Za ka gane shi in an ce maka yawan kaya ba lamba ba ne alhali kana ganin 20 ƙuru-ƙuru. Masu hulɗa da Maraɗi ko Damagaram kuma su lura: kwamfutar da ke kan tsarin Faransanci waƙafi take amfani da shi a madadin ɗigon kwabo, don haka waƙafi mai ruwa take sakawa tsakanin gurabe. Fayil ɗin da ya zo daga can, in aka loda shi a matsayin mai waƙafi, duk layin zai dunƙule a kolom guda. Ba lalacewa ya yi ba, mai rabawa kawai za a canza.

Ƙirga kafin, ƙirga bayan

Duk abin da aka faɗa zuwa nan rigakafi ne, kuma komai kulawar mutum wani abu na iya zillewa. Abin da ke kama shi tsohuwar dabarar akantoci ce: kafin ka loda, rubuta alƙaluman fayil ɗin a takarda. Na dilanmu a ce sun fito haka: inbois 60, layi 148, kuɗin kaya naira 21,340,000, wanda 9,200,000 daga ciki na kayan haraji ne, harajin kuwa 690,000, jimla 22,030,000, rana ta farko 1 ga Afrilu, ta ƙarshe 30. Harajin a samo shi daga takardun inbois da aka bai wa kwastomomi, ba daga kolom ɗin harajin fayil ba, don kada kuskuren fayil ya shaidi kansa. Yawan inbois kuma, tunda lambobin na maimaituwa, ana samun sa da wannan:

```
=SUMPRODUCT(1/COUNTIF(A2:A149,A2:A149))
```

Sannan kada a loda duka a karon farko. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A ware inbois uku ko huɗu a ƙaramin fayil, a zaɓe su da gangan: mai layi da yawa, mai haɗa kayan haraji da marasa haraji, mai suna da harafi mai lanƙwasa, da wanda ranarsa ta faɗo tsakanin 1 da 12, amma ban da 4 ga wata. A loda, a buɗe kowanne a manhaja, a ajiye shi gefe da takardarsa ta asali. Inbois na 00417 ya nuna 3 ga Afrilu, layi biyu, haraji 18,750, jimla 868,750, to haɗin ya yi. A cire waɗannan daga babban fayil kafin a loda sauran. Xero na da sassauci a nan, domin duk abin da aka loda a matsayin `Draft` yake zama, bai shiga littafi ba sai an amince da shi, ana iya goge shi a dunƙule. A manhajar da inbois ke shiga littafi kai tsaye kuwa, kwashe guda 60 da suka shiga a karkace aiki ne ja. QuickBooks Online kuma ba ta karɓar fiye da inbois 100 ko layi 1,000 a lodi ɗaya, kuma ba ta karɓar lamba mai alamar ragi, don haka kayan da aka dawo da su ta wata ƙofa ake shigar da su. In fayil ya yi girma za a raba shi, a kula kada a yanka a tsakiyar inbois.

An loda duka, an buɗe rahoton ciniki na 1 zuwa 30 ga Afrilu. A ce inbois sun cika 60, kuɗin kaya ya yi daidai, amma haraji ya nuna 735,000 maimakon 690,000. Ba sai an bi layi 148 ɗaya bayan ɗaya ba, bambancin da kansa ke nuna hanya. Ƙarin naira 45,000 ne. Raba shi da 0.075, za ka sami 600,000. Ke nan akwai kaya na naira dubu ɗari shida da aka ɗora wa harajin da bai hau kansu ba. Nemi 600,000 a kolom ɗin jimla, sai ga shinkafar inbois na 00417: akawu ya jawo sunan harajin sabulu da linzami zuwa layin ƙasa. Kwastoma zai ga an ƙara masa 45,000, dila kuma zai biya gwamnati kuɗin da bai karɓa ba.

Sauran bambance-bambancen ma kowanne da kamanninsa. Yawan inbois ya gaza kuma giɓin ya yi daidai da kuɗin wani inbois cif, to an tsallake shi, galibi don lambarsa na cikin manhaja tuni, ko ranarsa ta fita daga watan. Faɗaɗa rahoton ya ci shekara guda ka gani. Yawan ya haura, an raba inbois guda biyu. Kuɗin kaya ya ragu, haraji ma ya ragu, jimlarsu kuma ta tashi daidai da 21,340,000, wato kuɗin kayan da ka rubuta tun farko, to amsar tambayar nan ta haraji ce aka juya. Jimla ta yi tashin gwauron zabo, duba haɗin farashi da jimlar layi. Bambancin 'yan kwabbai kuwa yawanci daga cike kwabo ne, domin wata manhajar layi-layi take lissafa haraji, akawu kuma a dunƙule ya lissafa.

Idan manhaja ta karɓi wasu ta ƙi wasu, kada a sake loda fayil ɗin gaba ɗaya bayan gyara. A fitar da inbois ɗin da aka ƙi, da dukkan layukansu, zuwa sabon fayil. Zoho Books takan tambaya ko a tsallake lambobin da ke akwai ko a rubuta a kansu; zaɓi na biyu zai shafe duk gyaran da aka yi da hannu a cikin manhaja tun bayan lodin farko. Haka nan kada a bari manhaja ta raɗa sababbin lambobi da kanta ga inbois ɗin da tuni suke hannun kwastomomi, domin lambar ce kaɗai ke sa ta gane an taɓa loda abu. Fayil ɗin da aka loda kuma a adana shi yadda yake, da sunan wata da shekara, tare da takardar alƙaluman da aka rubuta, don ranar da mai binciken lissafi zai tambayi inda cinikin Afrilu ya fito.